Haruffa biyar, karatu biyu: yadda ake ƙetarar da dariyar hoton barkwanci zuwa Larabci

Hoton da za mu yi aiki a kansa ya daɗe yana yawo a wayoyin mutane, kowa da irin fuskar da yake manna masa. Wanda ya faɗo hannuna wata ƙatuwar kyanwa ce ta haye kujera, gabanta tebur shaƙe da nama da burodi da kek. A samansa an rubuta `I'm on a seafood diet`, wato na ƙayyade wa kaina abinci, na teku kaɗai nake ci. A ƙasa kuma `I see food and I eat it`, wato da na ga abinci sai in cinye. Dariyar duk tana rataye ne a kan sauti guda. A Turanci kalmar teku da kalmar gani furucinsu ɗaya ne, "si", rubutun ne kawai ya bambanta. Mai karatu ya ɗauka zancen kifi da jatan lande ake yi, ashe zancen ido ne da kwaɗayi.

To, a ce kana son tura wa abokinka Balarabe wannan hoto, kuma kana son ya yi dariya, ba ya gode maka da darasi ba. Abu na farko da hannu ke kaiwa shi ne fassarar kai tsaye. A sama: أنا أتبع حمية المأكولات البحرية. A ƙasa: أرى الطعام فآكله. Babu malamin nahawun da zai ja jan biro a kan waɗannan jimloli biyu. Amma teku a Larabci "bahar" ne, ina gani kuma "ara", babu abin da ya haɗa su a kunne ko a ido. Abin da Balaraben zai gani shi ne kyanwa ta yi magana biyu da ba su da dangantaka, ta farko ƙarya, ta biyu gaskiya. Zai iya murmushi saboda ƙibar kyanwar, amma igiyar da ta ɗaure layin sama da na ƙasa ta tsinke.

Kafin a nemi magani, sai a fara kwance barkwancin a ga da me aka gina shi. Layin sama yana kai mai karatu wata hanya. Kalma guda mai harshen damo tana tsaye a mararraba. Hoton kuma tun farko ya riga ya ɗauki ɓangaren ma'ana ta biyu, don duk wanda ya ga teburin nan ya san ba kifi kaɗai kyanwar ke ci ba. Abin da ake bin mai fassara bashi shi ne wannan mararraba da wannan hali na mai kwaɗayi da ke fakewa da bin doka. Kalmar "gani" ba ta cikin bashin. Idan ta faɗi a hanya, babu wanda zai yi cigiyarta.

Wani masanin fassara ɗan ƙasar Beljiyam, Dirk Delabastita, ya jera hanyoyi takwas a 1996 da masu fassara ke bi idan suka yi karo da wasa da kalmomi: a sa wani wasan a madadinsa, a fassara ma'ana a bar wasan, a rama da wata dabara kamar amsa-amo, a share shi gaba ɗaya, a yi bayani a gefe, da sauransu. Mai fassara littafi duk suna buɗe a gabansa. Mai fassara hoton barkwanci kuwa an ɗaure masa hannu ɗaya, domin hoton ba ya fassaruwa. Kyanwar tana nan, teburin yana nan. Duk sabon wasan da za ka ƙirƙira dole ya zama wanda kyanwar nan da teburin nan za su shaida. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a fara neman mafita daga kalmomin Turancin. Daga hoton ake farawa.

Ga yadda nake yi. Sai in ajiye rubutun asali gefe, in ɗauki takarda in jera kalmomin Larabci da ke kewaye da abin da ido ke gani da kuma batun: أكل da طعام don abinci, حمية da رجيم don ƙayyade ci, بحر da سمك don teku da kifi, sai likita, yunwa, ƙiba. In rubuta su tsirara, babu fataha, babu kisira, babu rufu'a, kamar yadda Larabawa ke rubutu a waya. Daga nan in bi kowace in karanta ta ta duk fuskar da za ta karantu. Wanda ya zauna gaban malamin balaga ya san abin da ake farauta a nan: jinasi, kalmomi biyu masu kama a lafazi da bambanci a ma'ana, ko tauriyya, kalma ɗaya mai ma'ana ta kusa da ta nesa, inda mai magana ke nufin ta nesan. Larabci ba baƙo ba ne a wannan wasa. Wuraren da yake ɓoye shi ne suka bambanta da na Turanci.

A wannan jeri akwai kalmar da ta zo da kyauta: بحرية. Haruffa biyar ne, ba, ha, ra, ya da ta marbuɗa. Idan ka sa wa ba fataha ka ɗaure ha, ta zama "bahriyya", ta teku. Idan ka sa wa ba kisira, ha rufu'a, ra shadda, ta zama "bihurriyya", wato cikin 'yanci, yadda ka ga dama. Saboda haka مأكولات بحرية tana karantuwa "abincin teku", tana kuma karantuwa "abinci ba ƙaidi". Ga kyanwar, ga teburin, ga uzurin mai kwaɗayi, duk sun dawo, ba tare da an taɓa kalmar gani ba.

Sai dai a nan ne wurin da ya fi buƙatar natsuwa. Wasan Turancin na kunne ne: sauti ɗaya, rubutu biyu. Na Larabcin kishiyarsa ne, na ido: rubutu ɗaya, sauti biyu. Wannan bambanci yana canza yadda za a gina jimlar. Idan ka rubuta "likita ya ce mini", ka karya wasan da hannunka, domin likitan da ya buɗe baki ya ce "bahriyya" ba wanda zai ji "bihurriyya". Dole likitan ya rubuta. Takardar likita ce ke da harshen damo, bakinsa ba shi da shi. Don haka layin sama, da Larabcin Masar, sai ya zama: الدكتور كتب لي: مسموح مأكولات بحرية. Likita ya rubuta mini, an yarda da "ma'akulat", wato abinci, da kalmar nan tsirara. Kalma ɗaya aka sauya, "ya ce" ta koma "ya rubuta", amma ita ce ke raba barkwancin da ya zauna daidai da wanda mai kaifin ido zai ce bai yi ba.

Layin ƙasa kuma yana da hanya biyu. Ta farko a fito da ma'ana ta biyu fili, a maimaita kalmar da wasulla: بِحُرّية يعني بِحُرّية, "cikin 'yanci dai cikin 'yanci ne". Kowa zai gane, har wanda ke gungura allo da sauri. Ta biyu a bar kalmar a sama kawai, a ƙasa kyanwar ta ce وأنا بسمع الكلام, "ni kuwa mai jin magana ce". Nan mai karatu zai ɗan tsaya, ya koma sama, ya sake karanta kalmar, sannan ta faɗo masa. Ni ta biyun ta fi mini daɗi, don dariyar da mutum ya tono da kansa ta fi wadda aka miƙa masa a faranti. Amma tana da asara: wasu za su wuce ba su lura ba. Idan ga aboki ɗaya ne mai son irin wannan, ta biyu. Idan ga taron da ba ka san kowa ba, ta farko. Abin da ba a yi ko ta wace hanya shi ne sa wasulla a layin sama. Fataha ɗaya a kan harafin farko ta rufe ƙofar karatu na biyu, kisira ɗaya kuma ta fallasa sirrin tun kafin a kai ƙasa.

Kuma wannan fassara ba ta barin allo. Ranar da wani ya karanta ta a saƙon murya, ta mutu, don baki dole ya zaɓi wasali ɗaya.

A cikin jerin nan akwai wata kalma da ita ma ke kiran mutum, رجيم. Larabawa da dama suna kiran ƙayyade abinci "rijim", aro daga Faransanci, kuma a rubuce daidai take da "rajim", jefaffe, siffar da kowane ɗan makarantar allo ya sani ga Shaiɗan. Larabawa kansu suna wasa da wannan, kuma mai neman hanya mai sauƙi zai ga an buɗe masa ƙofa. Ni ba na shiga. Da zarar wasan ya jingina da lafazin neman tsari, rabin masu karatu sun daina kallon kyanwa sun koma kallon wanda ya turo. Hoton asali bai taɓa addinin kowa ba, fassarar da ta taɓa kuwa ta ƙara masa nauyin da ba nasa ba. Ko a ma'aunin sana'a kaɗai wannan kuskure ne, balle a ma'aunin ladabi.

Wani zai ce ai sa'a aka yi da "bahriyya", ba kullum ake kwana a gado ba. Gaskiya ne, kuma tun da an ambaci gado, bari mu gwada da namu. Hausar boko ma tana da wannan hali na rubutu ɗaya sauti biyu, don ba ta nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa "gado" na kwanciya da "gado" na dukiyar mamaci suke rubutu ɗaya. A ce ga hoton wani saurayi ya miƙe a kan katifa rana tsaka, an rubuta: "Wai in fita nema. Ni da nake da gado?" Bahaushe zai kama nan take. Yanzu kai wa ɗan Sudan ko ɗan Masar. Gadon kwanciya سرير ne, gadon dukiya ميراث, ko kusa ba su haɗu ba. Ka juya kalmomin gado na dukiya duk yadda za ka juya, babu wadda za ta kwanta a kan katifa.

Sai a koma ga hoton, a tambaye shi me kuma yake ɗauke da shi ban da gado. Akwai katifa. A Larabcin Masar da Sudan katifa مرتبة ce, "martaba", kalmar nan dai da Hausa ta ara da ma'anar daraja, wadda a Larabcin littafi take nufin matsayi, har ake cewa ɗalibi ya gama jami'a da "martabatush sharaf". Ga mararraba ta samu. A sama: أبويا: عايزك توصل لأعلى مرتبة, babana ya ce yana son in kai martaba mafi girma. A ƙasa kalma ɗaya, أنا, "ni", sai hoton ya ƙarasa zancen. Wannan ma ya fi na kyanwar ƙarfi ta wata fuska, don "martaba" sauti ɗaya ce kuma rubutu ɗaya, tana aiki a ido da kunne.

Amma a duba abin da aka biya. Zancen gado na dukiya ya tafi gaba ɗaya, tare da ɗan zambon da ke cikinsa ga 'ya'yan masu kuɗi da ke zaman jiran rabo. Abin da ya rage shi ne ragon saurayi da ke karkatar da maganar manya don ya ci gaba da barci. Idan wanda ya ƙirƙiri hoton lalaci yake yi wa dariya, an isar da saƙonsa. Idan kuwa masu jiran gado yake caccaka, a cikin wata muhawara da ake yi a kansu, to wannan fassara ta yi dariya amma ta ci amana. Mai fassara ne kaɗai zai yanke wannan, kuma ba zai iya ba sai ya san dalilin da ya sa ake yaɗa hoton.

Akwai kuma iyakar ƙasa. A Sham, wato Siriya da Labanan da maƙwabtansu, katifa "farsha" ake ce mata. Wanda bai saba jin Larabcin Masar ba zai karanta "martaba" da ma'anar daraja kaɗai, ya ga saurayi a kwance, ya ɗauka ba'a ce kawai ta rago. Zai yi murmushi, amma rabin abin ya wuce shi. Hoton ma yana iya ƙin ba da haɗin kai: idan saurayin a kan tabarma yake, ko a kan "angareb", gadon igiya na Sudan, babu katifa a kai, to martaba ba ta da wurin zama. "Bahriyya" ba ta da wannan matsala, don daga Larabcin littafi take, ɗan Maroko da ɗan Iraƙi duk karatu ɗaya za su yi mata.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ɗalibanmu na Larabci suka fi tuntuɓe a kanta: da wane Larabci za a rubuta? Mu da muka koyi harshen daga littafi, hannunmu Fus'ha, wato Larabcin littafi, yake zuwa. Amma Larabawa ba da Fus'ha suke raha ba. A kunnensu ita ce muryar mai karanta labarai da mai huɗuba, kuma kyanwar da ta yi magana da ita kamar ta sa babbar riga ne ta je ɗiban ruwa. Wani lokaci hakan kansa abin dariya ne, idan da gangan aka yi. Idan ba da gangan ba, sai hoton ya yi ƙamshin aji. Larabcin Masar shi ya fi yaɗuwa, saboda shekaru da dama na finafinai da wasannin kwaikwayo, shi ya sa na zaɓe shi a misalan nan. Amma idan ba ka iya shi ba, gara Fus'ha mai sauƙi, gajera, da ka haɗa kalmar Masar da ta Saudiyya a jimla ɗaya. Balarabe yana jin wannan gauraye kamar yadda Bakano zai ji wanda ya fara jimla da Sakkwatanci ya ƙare da Hausar Kumasi.

Wani lokaci kuwa ka jera kalmomi, ka juya su, babu abin da ya faɗo. Nan hanya biyu ce ta rage mai mutunci. Ko dai ka bar wasa da kalma ka riƙe halin, ka ba kyanwar wata magana ta rashin kunya da ta dace da teburin, misali ta ce gobe za ta fara, alƙawarin da duk mai ƙiba a duniya ya sani. An sauka daga wasan kalma zuwa wasan hali, dariyar ta ragu amma tana raye. Ko kuma ka bar hoton da rubutunsa na asali yadda yake, ka yi bayani a ƙarƙashinsa, a waje da hoton: kalma kaza da kalma kaza furucinsu ɗaya. Wannan ba zai sa kowa dariya ba, kuma ba laifi, idan abin da ake so shi ne a fahimci me mutane ke yi wa dariya, kamar ɗan jarida da ke ba da rahoton hoton da ya tayar da ƙura. Abin da ba na so shi ne tsaka-tsaki, a cusa bayani a cikin hoton da ƙananan haruffa. Ba a samu dariya ba, bayanin kuma bai ishe ba. Masarawa da kansu sau da yawa wata hanya ta uku suke bi: su yar da hoton baƙon, su ɗauko fuskar ɗan wasan barkwancinsu, irin su Adil Imam, su ɗora maganar a kai. Wannan ya fita daga fassara ya zama sabon aiki, amma yana nuna inda suke ganin nauyin yake.

Saura abin da ke lalata aiki bayan an gama wahalar tunani. Larabci daga dama ake karanta shi, ido kuma ya saba farawa daga can. Idan hoton gida biyu ne a jere, na hagu shimfiɗa, na dama faɗuwar dariya, Balarabe zai fara da ƙarshen labari. Sai a musanya gidajen biyu. Kada a juya hoton gaba ɗaya kamar madubi, don duk rubutun da ke jikin riga ko allo a ciki zai koma baibai. Hoton da aka jera sama da ƙasa, irin na kyanwarmu, ba ruwansa da wannan. Salon haruffa mai kauri da aka saba gani a irin waɗannan hotuna, Impact, ba shi da haruffan Larabci, sai a nemi mai kauri irin Cairo ko Tajawal. Larabci kuma ba shi da manyan baƙaƙe da ake ihu da su, idan ana son ɗaga murya sai a ja harafi ko a maimaita shi.

Wasu manhajojin gyaran hoto ba su iya haɗa haruffan Larabci ba. Alamar a fili take: haruffan su fito a warwatse, kowanne shi kaɗai, kuma a jere daga hagu. A wasan ido kamar namu wannan ba ƙaramin lahani ba ne, don mai karatu zai shagala da harhaɗa kalmar, ba zai samu sararin ganin fuskarta ta biyu ba. A kuma lura da inda layi ya karye. Kalmar بحرية ita ce ya kamata ta zo ƙarshen layin sama, ido ya sauka a kanta kafin ya gangara kan teburin. Idan tsawon jimla ya tura ta ita kaɗai zuwa layi na biyu, ba matsala, hakan ma ƙara mata haske yake yi. Idan kuwa an ƙara wata kalma a bayanta, kamar فقط, "kawai", to an danne ta, kuma an karkata karatun zuwa teku.

Gwaji na ƙarshe shi ne a nuna wa mai harshen, ba tare da hoton asali ba, kuma ba tare da an ce masa akwai wasa a ciki ba. Sai a kalli fuskarsa. Da na gwada fasali na biyu na kyanwar a kan wani abokina ɗan Masar, ya karanta sama, ya karanta ƙasa, ya yi shiru kamar na daƙiƙa biyu, idonsa ya koma sama, sannan ya bushe da dariya ya ce wannan "alsh" ne, sunan da suke ba wasan kalma mai sanyi da ake yi wa dariya ana tsaki. Sai ya karɓi wayar ya goge مسموح daga layin sama, ya ce takardar likita ba ta da dogon zance, كتب لي مأكولات بحرية ta isa. Da fasalinsa na tura.